Mabuɗi Ɗaya da Mabuɗi Biyu: Yadda Ake Kulle Saƙo Tsakanin Wayarka da Shafin Intanet

 

Akwai maganar da ake yawan koyarwa a ajin kwamfuta, cewa hanyar kulle saƙo da mabuɗi ɗaya tsohon yayi ce, wai hanyar mabuɗi biyu, na fili da na sirri, ta zo ta gaje ta, kuma ita ce ke ɓoye abin da mutum ke aika wa bankinsa ta intanet. Wannan bayani kuskure ne, kuma kuskuren yana sa mutane su sa ido a wurin da ɓarawo ba ya bi. Abin da zan kare a gabanku yau shi ne, kalmar sirrinka da lambar katinka duk da mabuɗi ɗaya ake kulle su. Aikin mabuɗi biyu gajere ne, yana ƙarewa tun kafin shafi ya bayyana a fuskar waya: ya sa baƙi biyu su samu sirri guda, sannan ya tabbatar maka da wanda kake magana da shi. Na biyun nan ne kuma ya fi saurin lalacewa.

Mu fara da mabuɗi ɗaya. Mai aikawa da mai karɓa suna riƙe da lamba guda ta sirri. Da ita ake cuɗe saƙo ya koma shirme, da ita kuma ake warware shi. Tsarin da duniya ta fi dogara da shi yau sunansa AES. Masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, su suka ƙirƙiro shi, hukumar NIST ta Amurka kuma ta tabbatar da shi a 2001. Mafi ƙanƙantar mabuɗinsa bit 128 ne, wato jerin sifili da ɗaya har guda 128. Wanda ya gabace shi, DES, bit 56 gare shi, kuma a 1998 ƙungiyar EFF ta gina na'urar da ta bi mabuɗai ɗaya bayan ɗaya har ta gano na gaskiya cikin awa 56. Kowane bit da aka ƙara yana ninka aikin mai gwaji sau biyu, saboda haka tazarar da ke tsakanin 56 da 128 ninki ne sau 72 a jere, abin da babu wata na'ura a doron ƙasa da za ta iya cimmawa. Ga ƙarfi, ga sauri: na'urorin sarrafawa na zamani suna zuwa da ɓangare na musamman don AES, suna kulle fiye da gigabayit guda a daƙiƙa ɗaya.

Matsalarsa guda ce, amma babba ce: yaya mabuɗin zai isa hannun ɗayan? In ka aika shi ta hanyar da kake tsoron ana saurara, ka miƙa wa mai saurare shi. A da, gwamnatoci da bankuna amintaccen manzo suke ba shi ya kai da hannu. Wannan yana yiwuwa tsakanin ofis biyu. Amma mutum dubu da kowane biyu cikinsu ke son sirrinsu na kansu suna buƙatar mabuɗi 499,500, ballantana wayar da ke buɗe shafuka da dama a yini, waɗanda ba ta taɓa haɗuwa da masu su ba.

Amsar ta fito fili a 1976, lokacin da Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka nuna cewa mutum biyu za su iya yin magana a gaban kowa, su rabu kowa na riƙe da sirrin da babu wanda ya ji. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na MIT suka fito da RSA. Sai a 1997 aka bayyana cewa ma'aikatan hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, wato James Ellis da Clifford Cocks da Malcolm Williamson, sun riga su gano waɗannan dabaru a farkon shekarun 1970, amma aikinsu ya hana su faɗa. RSA ya yi kama da kwaɗo: ka raba wa jama'a kwaɗonka a buɗe, kowa na iya sa saƙo a akwati ya datse, amma kai kaɗai ke da mabuɗin buɗewa. Kwaɗon shi ne mabuɗin fili. Dabarar Diffie da Hellman kuwa ba ta aika komai a akwati, kuma tunda ita ce intanet ke aiki da ita yau, ya kamata mu bi ta da lissafi.

Mu ɗauki waya da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. A bainar jama'a suka yarda da lambobi biyu, 29 da 2. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka lissafa a raba shi da 29 a riƙe ragowar kawai. Waya ta zaɓi lambar sirri, 5. Ta jera 2 sau biyar ta ninka, ta samu 32. In an cire 29 saura 3, sai ta aika 3. Sabar ta zaɓi tata, 12. Ta jera 2 sau goma sha biyu ta ninka, ta samu 4096, ragowarsa 7, sai ta aika 7. Yanzu kowacce ta ɗauki abin da aka aiko mata ta ninka shi gwargwadon lambarta ta sirri:

```
7^5  mod 29 = 16
3^12 mod 29 = 16
```

Dukansu sun iso ga 16, domin a ƙarshe kowacce ta jera 2 ne sau sittin, biyar sau goma sha biyu. Mai saurare ya ji 29 da 2 da 3 da 7, amma 16 ba ta taɓa bi ta kan hanya ba. Kafin ya same ta sai ya gano sau nawa aka ninka 2 har ragowar ta zama 3. Da 29 yaro ma zai gano ta gwaji. Da lamba mai bit 2048, wadda rubuta ta ke cin gurbi fiye da 600, babu wata hanyar da aka sani ta komawa baya cikin lokacin da zai yi amfani. Shafuka da yawa yau suna yin wannan lissafi a wani salo mai suna X25519, inda abin da kowane ɓangare ke aikawa bai wuce bayit 32 ba, amma tunanin bai sauya ba.

A nan mai tambaya zai ce: to in mabuɗi biyu ya warware matsalar, me ya sa ba za a kulle komai da shi a huta ba? Dalili na farko awo ne. RSA mai bit 2048 ba ya iya kulle abin da ya kai bayit 256 a karo ɗaya, kuma buɗe kowane ƙulli lissafi ne mai nauyi, wanda kwamfuta mai kyau ke yi kamar sau dubu ɗaya ko biyu a daƙiƙa. Bidiyo mai megabayit 100 zai zama ƙulli wajen rabin miliyan, aikin mintoci da dama da cinye batirin waya, alhali AES zai gama shi kafin ƙiftawar ido. Dalili na biyu ya fi zurfi. Mabuɗi biyu ya dogara ne kan alaƙar lissafi tsakanin na fili da na sirri, kuma duk inda akwai alaƙa akwai gajeriyar hanyar da masana za su bi. Shi ya sa sai RSA ya kai bit 3072 kafin a daidaita ƙarfinsa da AES mai bit 128. Wanda ya auna su da tsawon mabuɗi ya ce RSA ya fi ƙarfi, ya karanta ma'aunin a kife.

Yanzu mu ga yadda ake haɗa su. Tsarin ya fara ne da sunan SSL a kamfanin Netscape a tsakiyar shekarun 1990, ya koma TLS a 1999, kuma TLS 1.3 ya fito a Agustan 2018. Da zarar ka buɗe adireshin da ya fara da https, burauzarka na aika sallama mai suna ClientHello. A cikinta akwai sunan shafin da kake nema, da jerin hanyoyin kullewa da wayar ta iya, da rabonta na lissafin da muka yi ɗazu, kwatankwacin waccan 3. Sabar ta mayar da ServerHello, ta zaɓi hanya ɗaya, ta aiko da nata rabon, kwatankwacin 7. Daga nan kowacce ta lissafa sirrin, ta tace shi tare da duk abin da aka faɗa zuwa lokacin, ta fitar da mabuɗai na AES ko na ChaCha20, na saƙon tafiya daban, na saƙon dawowa daban. Duk abin da ya biyo baya a kulle yake da mabuɗi ɗaya, kuma kowane ƙulli yana ɗauke da hatimi na bayit 16, ta yadda in wani ya sauya ko da bit guda a hanya, mai karɓa zai gane ya yanke hulɗar. Zuwa ɗaya da dawowa ɗaya aka yi, an gama.

Sai dai ku lura da abin da lissafin bai yi ba, domin nan ne zuciyar maganata. Ya ba ka sirri tare da wani, amma bai gaya maka ko wane ne ba. Mai kula da na'urar intanet ta otal, ko duk wanda layinka ke bi ta hannunsa, yana iya tare sallamarka ya amsa da sunan banki, ya ƙulla sirri da kai, ya juya ya ƙulla wani da bankin da sunanka, ya zauna a tsakiya yana buɗe kowane saƙo yana sake kulle shi. Kai da bankin kowa zai ga komai a kulle, kuma gaskiya ne a kulle yake, sai dai da mabuɗin ɓarawo. Ƙarfin AES ba ya hana wannan ko kaɗan.

Maganinsa shi ne aiki na biyu na mabuɗi biyu, wato sa hannu. Mai mabuɗin sirri kaɗai ke iya samar da sa hannun, amma duk mai mabuɗin fili na iya tantance shi. Bayan ServerHello, sabar na aiko da takardar shaida mai cewa wannan mabuɗin fili na shafi kaza ne, daga rana kaza zuwa rana kaza, da sa hannun wata hukumar ba da shaida a kai. Ita ma hukumar wata ce ta sa mata hannu, har a kai ga tushen da ke cikin jerin amintattun da wayarka ko burauzarka ta zo da su. Amma takardar kaɗai ba ta isa ba, tunda kowa na iya kwafarta. Saboda haka sabar na ƙara saƙon CertificateVerify, inda take sa hannu da mabuɗinta na sirri kan taƙaitaccen hoton duk tattaunawar da aka yi yanzun nan, har da rabon lissafin da kowa ya aika. Mai zama a tsakiya ya sauya waɗannan rabo da nasa, don haka sa hannun bankin ba zai dace da abin da wayarka ta gani ba, shi kuma ba shi da mabuɗin da zai yi sabo. Wanda ke son ganin wannan da idonsa ya rubuta:

```
openssl s_client -connect example.com:443 -brief
```

Zai ga sigar TLS, da sunan hanyar kullewa kamar TLS_AES_256_GCM_SHA384, da sakamakon tantance takardar. Ku duba sunan nan da kyau: babu RSA a cikinsa, mabuɗi ɗaya kawai ya ambata.

Ba haka ake yi ba a da, kuma sauyin yana da dalili. Har zuwa TLS 1.2 an yarda waya ta zaɓi sirri da kanta, ta datse shi da kwaɗon RSA na sabar ta aika. Ya fi sauƙin fahimta, shi ya sa har yau shi ake zanawa a allo. Aibinsa shi ne mabuɗin sirrin sabar guda ɗaya, wanda ke iya shekara ba a sauya ba, yana buɗe duk hirar da aka taɓa yi da ita. Wanda ya naɗi saƙonni a kulle ya adana, ranar da ya samu mabuɗin ya samu tarihin kowa. A 2013 wata kotu a Amurka ta umarci kamfanin imel na Lavabit, wanda Edward Snowden ke amfani da shi, ya miƙa mabuɗinsa na sirri. Mutum ɗaya ake bincike, amma mabuɗin na masu hulɗa kusan 400,000 ne, kuma mai kamfanin, Ladar Levison, ya rufe shi a watan Agusta na shekarar. A 2014 kuma ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL ta nuna ana iya zaro irin wannan mabuɗi daga nesa. TLS 1.3 ya soke waccan hanya gaba ɗaya. Lambobin sirri, irin 5 da 12 ɗinmu, sababbi ake zaɓa a kowace haɗuwa a zubar da su bayan an gama, mabuɗin sabar na dindindin kuma sa hannu kawai yake yi. Wanda ya sace shi zai iya yin sojan gona daga ranar, wannan babbar ɓarna ce, amma hirar jiya ta fi ƙarfinsa. Wasu bankuna da manyan kamfanoni sun yi ƙorafi lokacin da ake tsara wannan, domin da tsohuwar hanyar suke duba abin da ke yawo cikin layukansu don kama kutse. Buƙatarsu ta gaskiya ce, amma a ganina an yi daidai da aka ƙi, tunda ƙofar da mai gida ke leƙawa ta cikinta ita ce duk wanda ya samu mabuɗin zai shiga.

Suka mafi nauyi ita ce wannan: ashe duk ginin ya tsaya ne kan yarda da hukumomin shaida, waɗanda mai waya bai san su ba, bai kuma zaɓe su ba? Haka ne, ba zan musa ba. Jerin amintattu ya haura ɗari, kuma kusan kowaccensu na iya ba da takarda da sunan kowane shafi. A 2011 aka kutsa cikin DigiNotar, wata hukumar shaida a ƙasar Holan, aka fitar da takardun bogi fiye da 500, ciki har da ta google.com. An yi amfani da ita wajen zama tsakanin Gmail da masu amfani da shi a Iran, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙirga adireshin intanet kusan 300,000 da abin ya shafa. Ba a fasa AES ba, ba a warware lissafin RSA ba. Takardar ƙarya ce mai sa hannu na gaskiya. Asirin ya tonu ne saboda burauzar Chrome tana riƙe da nata bayanin hukumomin da suka cancanci shaidar shafukan Google, sai ta yi gargaɗi, wani mai amfani da ita a Iran ya kai rahoto. Aka cire DigiNotar daga jerin amintattu, ta durƙushe a watan Satumba na shekarar. Gyaran da ya biyo baya shi ne tilasta rubuta kowace takarda a rajistar da kowa ke iya dubawa, wadda ba a iya goge abin da aka shigar, kuma tun 2018 Chrome ba ta karɓar sabuwar takardar da ba ta ciki. Wannan bai hana hukuma yin kuskure ba, amma ya hana ta yin sa a ɓoye. Duk da haka ban san wata hanyar da za ta sa baƙi biyu su san juna ba tare da wani na uku ya tsaya musu ba, kuma lissafi ba zai iya maye gurbin wannan ba.

Daga nan za a gane ma'anar gargaɗin da burauza ke yi. NET::ERR_CERT_DATE_INVALID na nufin ranar takardar ba ta dace ba. Ko ta ƙare, ko kuma agogon na'urarka ne ya ɓata, abin da ke yawan faruwa da kwamfutar da ƙaramin batirinta ya mutu, don haka in kowane shafi na nuna shi, agogo za ka fara dubawa. NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID na nufin sunan da ke takardar ba na shafin da ka nema ba ne. NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID kuwa na cewa wanda ya sa hannun ba ya cikin amintattu, kuma in ka gan shi a shafin banki kana kan intanet ɗin wani wuri, to abin da mai zama a tsakiya ke haifarwa ke nan. In ka danna ka wuce, za a ci gaba da kulle saƙonka da AES cikakke, amma ba ka san hannun da ke riƙe da ɗaya mabuɗin ba. Haka kuma rashin gargaɗi ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce. Takarda ta gama-gari tana tabbatar da cewa mai ita ne ke iko da wannan adireshi, shi ke nan, kuma tun 2015 Let's Encrypt ke ba da ita kyauta. Ɗan damfara da ya yi rajistar suna mai kama da na banki zai samu tasa halaliya. Saboda mutane na ɗaukar hoton kwaɗo a matsayin amana ne Chrome ta cire shi daga gefen adireshi a 2023. Sannan sunan shafin da ke cikin ClientHello galibi a fili yake tafiya, don haka kamfanin sadarwarka ya san inda ka je ko da bai ga abin da ka yi a can ba.

Saura tambayar kwamfutar kwantam. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa irin wannan na'ura, in ta girma yadda ake buƙata, za ta warware lissafin da RSA da dabarar Diffie da Hellman suka dogara a kai. Ba a gina mai wannan ƙarfi ba tukuna. Ku lura da ɓangaren da barazanar ta shafa: mabuɗi biyu ne. Abin da aka sani za ta iya yi wa AES bai wuce rage ƙarfin mabuɗi da rabi ba, kuma mai bit 256 ya isa ya jure. Cikin ayyuka biyu na mabuɗi biyu ma gaggawar ba ɗaya ba ce. Sa hannu a lokacin haɗuwa ake tantance shi, don haka na'urar da za a gina nan gaba ba za ta iya yin sojan gona a hirar yau ba. Ƙulla sirri kuwa ana iya naɗar sa yau a warware shi bayan shekaru, shi ya sa aka fara da shi. A Agustan 2024 NIST ta tabbatar da sabon tsari mai suna ML-KEM, kuma manyan burauzoci sun riga sun haɗa shi da tsohon a ƙarƙashin sunan X25519MLKEM768, ta yadda sai an karya dukansu biyu kafin a samu sirrin. Rabon da waya ke aikawa ya tashi daga bayit 32 zuwa fiye da 1,200, amma abin da ke kulle saƙon bayan sallama bai sauya ba, AES ne ko ChaCha20 kamar da. Takardun shaida da sa hannu su ne aikin da ya rage, kuma ya fi wuya, domin sababbin sa hannun sun ninka na yanzu girma sau da yawa, ga shi kowace haɗuwa tana ɗauke da fiye da guda ɗaya.